Ƙulla Alaƙa da Sauran Sassa a Kamfaninku: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Canza Layin Aiki

Ma'aikata da yawa sukan ɗauka cewa wanda ya gaji da kujerarsa ba shi da mafita sai barin kamfani. Alhali sau da dama aikin da yake mafarki yana hawa na biyu na ginin da yake shiga kullum, ko a hedikwatar da yake aika wa rahoto kowane mako. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi damun mai son komawa wani sashe ba tare da ya ajiye aiki ba. An ɗauki banki a matsayin babban misali, domin a can sassa suna da iyakoki a fili, amma mai aiki a masana'anta ko kamfanin waya zai ga kansa a ciki.

Wannan ba kamun ƙafa ba ne aka canza masa suna?

A'a, kuma ya kamata a raba su tun daga farko, domin mutanen kirki da yawa suna gudun abin ne saboda sun ɗauka fadanci ne. Mai kamun ƙafa yana neman wani babba ya sa baki a ba shi abin da bai nuna ya iya ba. Abin da ake magana a nan shi ne mutanen wani sashe su san aikinka da idonsu, su san kana cika alkawari, ta yadda ranar da kujera ta buɗe a wajensu, sunanka zai faɗo wa wani a rai ba tare da an roƙe shi ba.

Hanyar gane bambancin mai sauƙi ce. Idan za ka ji kunya a ce an bayyana a mitin yadda ka san shugaban wancan sashen, to ka kauce. Idan kuwa amsar ita ce "mun yi aikin gyaran fom tare, ya ga yadda nake aiki", babu abin ɓoyewa. Hausawa suka ce sabo da maza jari, kuma jarin da ake nufi a ofis shi ne shaidar da wani zai yi maka a bayan idonka.

Ina da abokai na kusa a sashenmu. Me ya sa ba su isa ba?

Saboda abin da suka sani shi ka sani. Kuna zama mitin ɗaya, kuna karɓar imel ɗaya, oga ɗaya ke ba ku umarni. Labarin cewa wani zai tafi karatu a sashen bashi, ko an amince a ƙara mutum biyu a sashen bincike, ba zai biyo ta wajensu ba.

Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya yi bayanin wannan tun 1973. Ya bincika yadda wasu ma'aikata a kusa da birnin Boston suka samu aikinsu, sai ya ga cewa waɗanda suka samu ta hannun wani, yawanci ba aminin da suke gani kullum ne ya ba su labarin ba, wanda suke haɗuwa da shi jefi-jefi ne. Dalilin shi ne mutumin nesa yana zaune a wata da'ira, yana jin abin da ba ka ji. A cikin kamfani ma haka yake. Mutum uku da kuke gaisawa da mutunci a sassa uku daban sun fi buɗe maka hanya a kan aminai goma da ke teburin kusa da naka, ko da yake aminan suna da nasu amfanin da ba a raina shi.

Daga ina zan fara? Ban san kowa ba a wajen sashenmu.

Ka san su, ba ka lura ba ne. Babu aikin da ke farawa a teburinka ya ƙare a teburinka. Wani ne ya miƙo maka, kai kuma za ka miƙa wa wani. Waɗannan mahaɗun su ne ƙofofinka, kuma sun fi duk wata walima ko taron ƙarshen shekara amfani.

Ka ɗauki takarda ka rubuta abubuwa biyu. Na farko, duk abin da ya bar hannunka a makon da ya wuce, wa ya karɓa? Na biyu, duk abin da ya iso gare ka, daga wa ya fito? Kashiya a banki za ta ga cewa aikinta yana taɓa jami'in da ke duba takardun reshe, da sashen bin ƙa'ida, da masu kula da na'urar cirar kuɗi, da jami'an hulɗa da 'yan kasuwa masu kawo ajiya. Mai kula da sito a wata masana'anta a Sharaɗa ko Bompai zai ga sashen saye, da akanta, da masu tsara abin da za a sarrafa, da masu jigila. A cikin waɗannan sai ka zaɓi sashe ɗaya, ko biyu idan ya yi yawa, wanda aikinsa yake ba ka sha'awa.

Daga nan sai ka nemi amsar tambaya ɗaya: mene ne abin da sashenmu yake yi da ke ɓata wa waɗannan mutanen rai? Kullum akwai. Ko fom ne yake zuwa musu babu sa hannu, ko rahoto ne yake makara, ko lambobin kaya ne ba sa dacewa da na rasit. Wanda ya gyara musu wannan daga ɓangarensa ya gabatar da kansa fiye da yadda kowace takardar neman aiki za ta gabatar da shi. Ba ka roƙi komai ba, ba ka tsallake ogan ka ba, aikinka ne ka kyautata, amma mutanen can sun fara tambayar wane ne wannan.

A ba ni misali daga farko har ƙarshe.

A ce ke kashiya ce a wani reshen banki kusa da Kantin Kwari a Kano, kin shekara uku a kanta, kuma kina son komawa sashen bin ƙa'ida, wato masu tabbatar da cewa banki bai saɓa dokokin CBN da na hana halatta kuɗin haram ba.

Mahaɗarki da su tana nan a aikinki na yau da kullum. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa banki ya kai rahoto ga NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, cikin kwana 7 kan duk mu'amalar da ta haura naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani. Ban da wannan akwai rahoton mu'amalar da ake zargi, wadda ba ta da iyakar adadi. A reshe irin naki, inda 'yan kasuwa ke kawo tsabar kuɗi a buhu, ke ce idon farko. Ke za ki lura idan wani yana kawo miliyan 4 da dubu 900 yau, gobe ya sake kawo irinsa, jibi ɗan'uwansa ya kawo a asusun guda. Raba kuɗi don kada su kai iyakar rahoto alama ce da jami'in bin ƙa'ida yake so a sanar da shi, ko da daga baya ya gano cinikin halal ne.

Mataki na farko shi ne ki riƙa rubuta irin wannan sanarwa yadda ba sai an dawo an tambaye ki ba: ranaku, adadi, wanda ya kawo, sana'ar da aka rubuta a fom ɗin buɗe asusu, da abin da ya sa kike ganin bai dace da ita ba. Ki bi hanyar da banki ya tsara, ta hannun wanda aka ce a bi. Kashiyoyi da yawa sukan rubuta layi ɗaya, "ana zargin wannan asusun", sai jami'in ya ɓata yini yana tono. Naki idan ya zo a cike sau biyu, sau uku, zai riƙe sunanki.

Mataki na biyu, ranar da ya zo zagayen reshe, ki gaishe shi ki ce, "Yallaɓai, cikin takardun da ke zuwa muku daga reshenmu, wanne ne ya fi ba ku wahala?" A ce ya amsa da cewa fom ɗin buɗe asusu ne: cikin 40 da reshe ke aikawa a wata, ana dawo da 12, ko don sunan da ke kan BVN bai dace da na NIN ba, ko don ba a tabbatar da adireshi ba. Wannan aikin teburin kula da kwastoma ne, ba naki ba, don haka kada ki yi katsalandan. Ki je wajen shugabar ayyukan reshe ki ce kina so ki taimaka wa mai teburin da duba fom na rabin awa bayan an rufe kanta. Ki tsara musu 'yar takardar dubawa mai layi biyar ko shida. Idan bayan wata biyu abin da ake dawowa da shi ya sauko daga 12 zuwa 3, kin samu abubuwa biyu: shugabarki ta ji daɗi domin makin reshe ya gyaru, kuma kina da adadin da za ki faɗa a intabiyu.

Mataki na uku shi ne neman ilmin. Yanzu kina da damar ce wa jami'in ya ba ki minti 20 ya yi miki bayanin aikinsu da takardar shaidar da suke daraja wa. Zai iya ambata miki jarrabawar CIBN, wato cibiyar ƙwararrun ma'aikatan banki ta Nijeriya, ko satifiket ɗin ACAMS na hana halatta kuɗin haram da ake biya da dala, ko wani kwas na cikin gida da banki ke yi kyauta. Ki fara da na cikin gida, ki gama shi, ki gaya masa kin gama.

Mataki na huɗu, ki nemi a sa ki a wani aiki na wucin gadi. Bankuna sukan yi aikin sabunta bayanan tsofaffin kwastomomi, kuma a lokacin sashen bin ƙa'ida yakan nemi a ba shi mutum daga kowane reshe. Ki nemi ki zama ke ce ta reshenku. A nan ne shugaban jami'in zai fara ganin sunanki a rahoto. Idan gurbi ya fito, za ki cike fom kamar kowa, ki zauna intabiyu kamar kowa, amma biyu daga cikin masu yanke hukunci sun riga sun ga aikinki. Duk wannan yakan ci wata tara zuwa shekara ɗaya da rabi. Wanda ya ce miki wata biyu ya isa bai yi ba.

Me zan ce wa mutum idan ina so ya ba ni lokaci? Ina jin nauyi.

Ka faɗi wane ne kai, inda aikinku ya haɗu, abin da kake so, da tsawon lokacin. Misali: "Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni ne mai aiko muku rahoton sito na ranar Litinin. Ina sha'awar fahimtar yadda kuke zaɓen masu kawo kaya. Idan da hali ka ba ni minti 20 a makon nan ko na gaba, duk lokacin da ya yi maka." Shi ke nan. Kada ka rubuta "ina so mu gana kan wata muhimmiyar magana", domin zai ɗauka rance za ka nema ko ƙarar wani za ka kawo.

Idan kun zauna, kada ka nemi aiki. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe alaƙa tun tana jaririya, domin ka sa mutum a tsaka mai wuya: ba shi da gurbi a hannu, kuma daga ranar zai riƙa kauce maka a baranda. Ka tambaye shi abin da ya fi cin lokacinsa a mako, da abin da sababbin zuwa suka fi kasawa a kai, da yadda mutum na ƙarshe da ya shigo sashen daga cikin gida ya shigo. Tambayar ƙarshen nan ita ce ta fi tsada. Idan amsar ita ce duk daga waje ake ɗauko su, ka san hanyar tana da tsauri tun kafin ka ɓata shekara. Kafin ka tashi ka ce, "Wa kake ganin ya kamata in ƙara ji daga gare shi?" Minti 20 na cika ka miƙe, ko da hirar ta yi daɗi, sai dai idan shi ya zaunar da kai.

Bayan mako uku ko huɗu ka koma masa da labarin abin da ka yi da shawararsa. Mutane suna son ganin maganarsu ba ta faɗi ƙasa ba, kuma wannan komawar ita ce ke mayar da hira ɗaya ta zama alaƙa.

Wa ya fi amfani in sani, shugaban sashe ko na ƙasa da shi?

Fara da tsaranka ko wanda ya ɗara ka da mataki ɗaya. Shi ne zai gaya maka gaskiyar aikin, har da ɓangarensa mai gundura, kuma shi shugaba yake tambaya, "Ka san wani a reshe da zai iya?" Zuwa kai tsaye wajen babban manaja ba tare da kowa a ƙarƙashinsa ya san ka ba yakan zama gaisuwa kawai. Kada kuma ka manta da jami'in sashen kula da ma'aikata da aka ɗora wa yankinku, domin shi ya san ƙa'idar canjin sashe a rubuce.

Yaushe zan gaya wa ogana? Ina tsoron ya ɗauka gudunsa nake yi.

Kafin ya ji a bakin wani. Wannan ita ce ƙa'idar, kuma ina ganin babu wurin da ma'aikata suka fi cutar da kansu kamar nan. A yawancin kamfanoni ba a canza wa mutum sashe sai shugabansa ya sa hannu ko an nemi ra'ayinsa, kuma shi ke rubuta makin aikinka na shekara. Shugaban wancan sashen ma, kafin ya ɗauke ka, zai ɗaga waya ya kira naka. Idan a wannan wayar ne oganka ya fara jin labarin, ka sa shi ya ji kunya a gaban tsaransa, kuma ba lallai ya yafe ba.

Gaisawa da tambayar yadda aiki ke tafiya ba sa bukatar izini. Amma da zarar za ka ba wani sashe lokacinka, ko ka yanke shawarar can kake so, to lokaci ya yi. Wurin da ya fi dacewa shi ne zaman duba aikin shekara ko na rabin shekara, inda dama akan tambayi ma'aikaci inda yake son kaiwa. Ka ce masa, "Oga, ina so nan da shekara ɗaya ko biyu in gwada ɓangaren bin ƙa'ida. Ina neman shawararka, kuma ina so in koya wa wani aikina tun yanzu don kada a samu giɓi." Jumlar ƙarshen ita ce mabuɗin. Abin da ke damun shugaba shi ne wa zai riƙe kujerar idan ka tafi, musamman idan ba a saurin ba shi madadi. Ka zo masa da maganin damuwarsa tare da buƙatarka.

Idan ya ƙi sakina fa?

Ka fara gano dalili. Idan ƙarancin ma'aikata ne, ku yi maganar lokaci: bayan rufe lissafin shekara, ko bayan wanda kake koya wa ya tsaya da ƙafarsa. Ka nemi a ambaci wata takamaimai, sannan ka aika masa gajeren imel na godiya da ke ɗauke da abin da kuka tsayar, domin shugabanni ma ana canza su, kuma wanda zai gaje shi bai san da alkawarin baki ba.

Idan kuwa ka ga ba ya son rabuwa da kai ne kawai saboda kana sauƙaƙa masa aiki, sai ka duba littafin ƙa'idojin ma'aikata. Kamfanoni da yawa sun rubuta cewa wanda ya cika wani lokaci a kujerarsa, sau da yawa shekara ɗaya ko biyu, kuma makinsa bai faɗi ba, yana da damar neman gurbin cikin gida. Wasu sun ce a sanar da shugaba ne kawai, wasu sun ce sai ya amince. Ka san wanne ne naku kafin ka buɗe baki. Abin da ba za ka yi ba shi ne kai ƙararsa wajen sashen da kake nema. Duk wanda ya ji kana kushe shugabanka na yau ya san abin da za ka faɗa a kansa gobe. Kuma kada aikinka ya yi sanyi don fushi, domin makin shekarar nan shi za a buɗe ranar da gurbin ya fito.

Ni ma'aikacin kwantiragi ne. Wannan ya shafe ni?

Ya shafe ka, amma da wani sharaɗi da ya kamata ka sani tun da wuri. A bankuna da kamfanonin waya na Nijeriya, da yawa daga kashiyoyi, masu amsa kiran kwastoma da masu tallan asusu ba kamfanin ne ya ɗauke su kai tsaye ba, wani kamfanin samar da ma'aikata ne. Sau da yawa guraben cikin gida na ma'aikatan dindindin ne kawai, don haka kome son da shugaban wani sashe yake yi maka, ba zai iya jawo ka ba sai an fara mayar da kai na dindindin.

Saboda haka tambayarka ta farko ga sashen kula da ma'aikata ita ce: akwai hanyar tabbatar da 'yan kwantiragi, kuma mene ne sharuɗɗanta? Akan sa sharaɗin irin takardar karatu da darajarta, wani lokaci har da shekarun haihuwa, kuma akan yi jarrabawa. Idan HND ko digiri ake nema kai kuma ND gare ka, lokacinka na yamma ya fi dacewa da karatu a kan zagayen ofisoshi. Alaƙar tana amfani a nan ta hanya biyu: za ka ji labarin jarrabawar da wuri, kuma za a samu wanda zai rubuta maka shaida.

Hedikwatarmu tana Legas, ni ina reshe a Gusau. Yaya za a san da ni?

Wannan matsala ce ta gaske ga ma'aikatan arewa, domin yawancin manyan sassa suna hedikwata, kuma wanda ke hawa lif ɗaya da shugabanni ya fi ka damar a gan shi. Amma kana da abin da ba su da shi: ka san kwastoman da suke tsara wa abu daga nesa. Idan an fito da sabon tsari ana neman rassan da za a gwada shi, ka nemi a sa naku, sannan ka aika rahoton da ke faɗin abin da ya faru a ƙasa, misali cewa saƙon da ake tura wa kwastoma da Turanci ne kuma yawancinsu a bakin kanta suke zuwa a fassara musu. Wanda ya tsara abin a Legas ba ya manta wanda ya ba shi irin wannan bayanin.

A mitin na bidiyo ka kunna kyamara idan layi ya yarda, ka yi tambaya ɗaya mai ma'ana. Idan an tura ka horo hedikwata, ka aika saƙo tun mako guda kafin tafiya ga mutum biyu da kuka saba musayar imel, ka je teburinsu ku gaisa. Ka kuma tambayi kanka da iyalinka tun yanzu ko za ka iya komawa Legas ko Abuja, domin wasu guraben ba su da reshe. Wasu kuwa, kamar bincike, bashi da bin ƙa'ida, suna da ofisoshin shiyya a manyan birane irin su Kano da Kaduna.

Ni mace ce, ina gudun a yi mini mummunar fassara idan ana ganina a ofishin wani.

Damuwarki tana kan hanya, kuma ba sai kin bar neman ci gaba saboda ita ba. Ki sa ganawa a lokacin aiki, a wuri buɗaɗɗe ko ɗakin mitin, ki nemi lokacin ta imel ɗin ofis maimakon lambar wayarki, kuma ki rubuta dalilin a kan saƙon. Idan da hali ku je ku biyu da wata abokiyar aiki mai irin burinki. Aikin kwamiti ya fi ganawar mutum biyu sauƙi ta wannan fuskar, domin kowa yana ganin abin da ya haɗa ku. Ki nemi matan da suka riga ki a wancan sashen, ko da ɗaya ce. Wanda kuma ya mayar da neman shawara zuwa gayyatar da ba ta aiki ba, ki yanke alaƙar, ki adana saƙonnin, ki san hanyar kai ƙorafi ta kamfani.

Akwai abin da bai kamata in faɗa wa mutanen wani sashe ba?

Akwai. Bayanan kwastoma ba abin hira ba ne, ko da da abokin aiki, matuƙar aikinsa bai buƙace su ba, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙara wa wannan nauyi a Nijeriya. A banki, sanar da kwastoma ko wanda bai dace ba cewa an kai rahoton zargi a kan asusunsa laifi ne a doka. Sannan akwai sassan da aka raba da gangan: mai bincike ba a so ya yi kusanci da wanda yake bincika har a yi shakkar adalcinsa, mai amincewa da bashi ba a so mai kawo kwastoma ya riƙa yi masa hidima. Idan sashen da kake so irin wannan ne, kada ka kai kyauta, kada ka nemi ya sassauta wa reshenku. Gulmar sashenku ma ka bar ta a sashenku. Tana sa a saurare ka yau, amma ba a ɗaukar mai ita.

Yaya zan gane ko abin yana tafiya ko ɓata lokaci nake yi?

Alamar farko ita ce su fara nemanka. Wani daga can ya kira ya ce, "Kai da ka san reshe, yaya kake ganin wannan?" Ta biyu, a sa sunanka a imel ko mitin da da ba a sa ka. Ta uku, wani ya gaya maka gurbi zai fito kafin a lika sanarwa.

Idan wata shida sun wuce kai kaɗai ke aika saƙo, amsoshin kuma ba sa wuce "madalla, za mu yi magana", to ɗaya daga cikin abu uku ne. Ko dai ba ka kawo musu wani amfani ba tukuna, gaisuwa kawai kake yi. Ko mutumin da ka riƙe ba shi da ta cewa a sashen. Ko kuma akwai wani giɓi a iliminka da suke jin nauyin faɗa maka. Na ukun ana gano shi da tambaya kai tsaye: "Da gurbi zai fito gobe, me zai hana a ɗauke ni?" Ka saurari amsar ba tare da kare kanka ba. Idan aka ce Excel ɗinka bai kai ba, ko rubutun rahotonka yana da rauni, an ba ka abin yi na wata uku masu zuwa.

Akwai kuma alamar haɗari daga gida: idan aikinka na asali ya fara makara saboda hidimar wani sashe, ka rage. Sa'a biyu ko uku a mako sun isa.

Canjin sashe yana zuwa da ƙarin albashi?

Yawanci a'a, a farko. Akan mayar da mutum ne a matakin da yake, wani lokaci ma ya rasa wani alawus da ke tare da tsohuwar kujerar, kamar na riƙe kuɗi ga kashiya ko kamasho ga mai talla. Ka nemi a rubuta maka matakinka, alawus ɗinka, da ko lissafin shekarun ƙarin girma zai ci gaba ko zai koma farko, kafin ka sa hannu. Ribar tana zuwa ne daga baya, idan sabon layin yana da matakan hawa da suka fi na tsohon tsawo, ko ana neman masu shi a wasu kamfanoni.

Na nema, an yi intabiyu, aka ba wani. In haƙura?

Ka aika wa shugaban sashen godiya a ranar da ka ji, ka nemi minti goma ya gaya maka inda wanda aka ɗauka ya fi ka. Ka taya wanda ya samu murna da gaske, domin yanzu shi ma mutuminka ne a can, kuma zai iya zama mai ba ka labarin gurbi na gaba. Ka koma wa oganka da kanka ka gaya masa sakamakon, ka ci gaba da koya wa wanda kake koya wa.

Idan aka ba ka dalili takamaimai, kamar rashin wata takarda ko ƙarancin gogewa a wani aiki, ka cike shi ka sake nema. Idan kuwa ka nema sau biyu, ka cike abin da aka ce, kuma ka ga har yanzu daga waje ake ɗauko mutane, to ka fara duba irin wannan gurbin a wasu kamfanonin. Aikin wucin gadin da ka yi da kwas ɗin da ka gama suna shiga takardar neman aikinka, kuma jami'in da ya ga aikinka zai iya tsaya maka a matsayin mai shaida idan ka nemi izininsa kafin ka rubuta sunansa.